A daskarar da samfurin ko a sake horar da shi? Zaɓin da ke gaban mai gina manhajar rarrabe rubutu a harshen da ba shi da yawan bayanai

Duk wanda ya tattara rubutu na wani harshen Afirka, ya zauna ya liƙa wa kowanne laƙabinsa da hannu, wannan siyasa, wancan lafiya, wancan wasanni, zai iso mararraba guda. Samfuran kwamfuta masu koyon harshe, waɗanda aka riga aka horar a kan harsuna da yawa, suna nan kyauta, sai dai hanyar amfani da su biyu ce. Ta farko, a bar samfurin yadda yake, a daskarar da shi, a riƙa ba shi rubutu yana mayar da jerin lambobi masu wakiltar ma'anarsa, wato bekta, sannan a ɗora ƙaramin mai rarrabewa a kan lambobin. Ta biyu, a buɗe samfurin gaba ɗaya a ci gaba da horar da shi a kan misalan da aka liƙa wa laƙabi, har duk ma'aunan cikinsa, wato lambobin da ya koya a horon farko, su gyaru su fuskanci aikin. Ra'ayina shi ne abubuwa uku ke yanke wannan hukunci: yadda samfurin ke yayyanka kalmomin harshen, yawan misalan da ke hannu, da irin abin da ake son rarrabewa. Girman sunan samfurin ba ya cikinsu.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kana da labarai 1,200 na Hausa a rukuni biyar: siyasa 540, wasanni 300, kasuwanci 180, lafiya 120, fasaha 60. Ka ware 840 don horo, 120 don daidaita saiti, 240 don jarrabawar ƙarshe, kowane kaso da irin rabon rukunan da ke cikin jimillar. Wannan ya yi kama da abin da masu irin wannan aiki ke samu a zahiri. SIB-200, wani tarin jimloli masu laƙabi a harsuna da yawa, alal misali, jimloli 701 kacal ya ba kowane harshe don horo.

Mayankin kalmomi ne farkon abin dubawa

Samfurin ba ya ganin kalma a cikakkiyar surarta. Akwai mayanki a bakin ƙofa wanda ke farfasa rubutu zuwa gutsattsari da ya haddace tun lokacin da aka gina shi. Kalmar da ya saba gani yakan bar ta ɗungurungum, wadda bai sani ba kuma ya daddatsa ta. Amfanin wannan ga harshe irin Hausa a fili yake: makaranta, makarantu da makarantunmu za su iya haɗuwa a gutsure guda, don haka abin da aka koya daga ɗaya ya amfani sauran. Amma dabarar tana da iyaka. Jam'i irin birni da birane, ko sarki da sarakuna, a tsakiyar kalmar canjin yake, kuma mayankin da ƙidayar haruffa kawai ya sani ba lallai ya haɗa su ba. Idan kuwa mayankin bai taɓa ganin harshen ba, sai ya riƙa aro gutsattsarin wasu harsuna, ya fasa kalma ɗaya gida huɗu ko biyar, kowane gutsure ɗauke da ma'anar da ya koya a wani wuri dabam.

Shi ya sa tarihin kowane samfuri yake da muhimmanci. mBERT, wanda Google ya fitar a 2018, an horar da shi a kan Wikipedia ta harsuna 104, akwai Yarabanci da Swahili a ciki, babu Hausa, babu Amharik. XLM-R na kamfanin Facebook ya fito a 2019 da harsuna 100 da gutsattsari kusan 250,000. Shi yana da Hausa, Amharik, Somaliyanci, Oromo da Swahili, amma ba shi da Yarabanci da Ibo. AfriBERTa, wanda Kelechi Ogueji da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Waterloo a 2021, daga tushe aka horar da shi a kan harsunan Afirka 11, da rubutun da bai kai gigabait ɗaya ba, da gutsattsari 70,000 da aka koya daga waɗannan harsunan kansu. AfroXLMR na 2022 kuwa XLM-R ne aka ƙara wa karatu a kan harsunan Afirka 17 tare da Turanci, Faransanci da Larabci. Akwai abin lura a nan da mutane kan manta: `Davlan/afro-xlmr-base` ya gaji mayankin XLM-R ne, bai canza shi ba. Fahimtar harshen ce ta ƙaru, yankan kalmomin yana nan yadda yake.

Ba sai an yi hasashe ba, ana aunawa. Ka ɗauki rubutunka na gaske, ka ƙidaya gutsattsari nawa kowace kalma ke zama a matsakaici, da kuma sau nawa alamar "ban sani ba" ta fito:

```python
from transformers import AutoTokenizer
for n in ["bert-base-multilingual-cased", "xlm-roberta-base",
          "castorini/afriberta_large", "sentence-transformers/LaBSE"]:
    t = AutoTokenizer.from_pretrained(n)
    g = [p for r in rubutu for p in t.tokenize(r)]
    k = sum(len(r.split()) for r in rubutu)
    print(n, len(g) / k, t.convert_tokens_to_ids(g).count(t.unk_token_id))
```

Ga inda lambar ke taɓa aikinmu kai tsaye. Samfuran nan ba sa karɓar abin da ya wuce gutsattsari 512, biyu daga ciki ma alamomin farko da ƙarshe ne. A ce labari yana da kalmomi 600. Mayankin da ke ba da 1.4 a kowace kalma zai fitar da gutsattsari 840, samfurin ya karanta kusan kashi 61 cikin ɗari na labarin. Wanda ke ba da 2.2 zai fitar da 1,320, abin da za a karanta bai kai kashi 40 ba. A labarun jarida asarar da sauƙi, domin kanu da sakin layi na farko sukan faɗi komai. A wasiƙun koke ko bayanan asibiti, inda maganar gaske kan zo can ƙasa bayan gaisuwa da shimfiɗa, asarar babba ce.

Kada ka tsaya ga lambar kawai, ka buga jimloli ashirin ka kalle su da idonka, musamman masu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Mayankin mBERT, mai suna WordPiece, yana da wata ɗabi'a mai hatsari: idan ya ci karo da harafi ɗaya da babu shi a jerinsa, kalmar gaba ɗaya yake mayarwa `[UNK]`. Nau'insa mai suna `bert-base-multilingual-uncased` kuma yana share alamomin saman haruffa da na ƙasansu, wanda ga Yarabanci ke nufin an kwashe alamun sauti da ɗigon ƙasa kafin samfurin ya ga komai.

Sannan akwai ɓarnar da ke zuwa daga rubutun kansa. Wani yana rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa, kuma ita kanta waƙafin saman tana da siffofi da dama a kwamfuta waɗanda ido ke gani iri ɗaya, mayanki kuma yana ganinsu dabam. Yanzu ka ɗauka labaran wasanninka 300 duk daga kafar yaɗa labarai ɗaya suka fito, wadda ba ta sa lanƙwasar haruffa irin ƙ, na lafiya kuma daga wata mai sawa. Samfurin zai gano cewa rashin ƙ alamar wasanni ne, ya ci jarrabawarka da maki mai kyau, ranar da aka kawo labarin ƙwallo daga kafa ta uku sai ya faɗi. Maganin shi ne a daidaita haruffa da `unicodedata.normalize("NFC", r)`, a mayar da duk siffofin waƙafin guda ɗaya, sannan a ware kafa ɗaya cur don jarrabawa. Shin a cire lanƙwasar gaba ɗaya? Ni ba na so, domin kafa da ƙafa, baki da baƙi, za su narke su zama abu ɗaya. Na fi son a ninka misalan horo, kwafi ɗaya da lanƙwasa, ɗaya babu, samfurin ya saba da duka biyun. A tabbata dai kwafin biyu ba su rabu tsakanin horo da jarrabawa ba.

Hanyar daskararren samfuri

Kuskuren da aka fi yi a wannan hanya shi ne ɗaukar XLM-R ko AfriBERTa tsura a ciro bektar gutsuren farko a ce ita ce ma'anar jimla. Ba a horar da su don haka ba, cike gurbin kalmar da aka ɓoye suka koya. Samfurin da ya dace shi ne wanda aka gina domin wakiltar jimla sukutum, kamar LaBSE na Google, na 2020, mai harsuna 109, ciki har da Hausa, Ibo da Yarabanci. An horar da shi ne ta yadda jimla da fassararta za su faɗo kusa da juna, kuma kowane rubutu yana fitowa a matsayin lambobi 768.

```python
from sentence_transformers import SentenceTransformer
from sklearn.linear_model import LogisticRegression
m = SentenceTransformer("sentence-transformers/LaBSE")
X = m.encode(rubutun_horo)
c = LogisticRegression(max_iter=2000, class_weight="balanced")
c.fit(X, lakabi)
```

Abin da ake koya a nan kaɗan ne ƙwarai: 768 sau 5, a ƙara 5, ma'aunai 3,845 ke nan. Misalai 840 sun ishe su, ko rabin haka ma za a ga abin kirki. Sau ɗaya ake fitar da bektocin a adana, daga nan horon kansa daƙiƙoƙi ne a kan kwamfuta ta yau da kullum. Idan ka maimaita, sakamako ɗaya za ka samu. Wannan saurin yana da wata fa'ida da na fi daraja fiye da sauƙin kuɗi: kana iya raba misalan gida biyar, ka horar da huɗu ka gwada da ɗaya, ka jujjuya, ka ciro labaran da samfurin ya saɓa wa laƙabinka da ƙarfin gwiwa, ka sake karanta su. Sau da yawa za ka tarar laƙabin ne ke da matsala. Labarin kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya, wani mai liƙa laƙabi ya sa shi a siyasa, wani ya sa makamancinsa a lafiya. Gyara irin waɗannan hamsin yakan fi canza samfuri amfani.

Akwai kuma damar aro. Tun da fassara da asalinta suna kusa a sararin bektocin, kana iya kawo labaran fasaha na Turanci ko Swahili masu laƙabi ka ƙara wa rukuninka mai 60 ƙarfi.

Rauninta shi ne abin da samfurin bai fito da shi sarari ba, ƙaramin mai rarrabewa ba zai iya ƙirƙiro shi ba. Batun magana, wato a kan me ake zance, yana fitowa sosai a bektar. Amma dubi waɗannan: "Maganin ya yi aiki", "Maganin bai yi aiki ba", "Ai maganin ya yi aiki, tun da ga shi muna kwance har yau." Batunsu ɗaya, kalmominsu kusan ɗaya, na ukun kuma gatse ne. In aikinka gane yabo da kushe ne, ko kalaman ƙiyayya, ko habaici, bambancin da kake nema siriri ne, a binne cikin lambobin da batun magana ya mamaye. Haka nan rubutun kafofin sada zumunta mai gauraye da Turanci da gajerce-gajerce ya yi nisa da tsabtatattun jimlolin fassara da samfurin ya saba da su. Wani abin kuma: don jimloli aka yi shi, saboda haka ka duba `m.max_seq_length`. Dogon labari gara a raba shi sakin layi sakin layi, a ɗauki matsakaicin bektocin, da a bari a datse shi ba ka sani ba.

Kada kuma a ɗauka daskararre yana nufin mara nauyi. LaBSE yana da ma'aunai kusan miliyan 470, fayil ɗinsa ya doshi gigabait biyu. Horon ne ke da arha, amma lokacin amfani dole kowane sabon rubutu ya ratsa ta cikin wannan ƙaton.

Hanyar sake horarwa

A nan duk ma'aunan samfurin suna motsawa. XLM-R matsakaici, da AfroXLMR da aka gina a kansa, suna da hawa 12 da ma'aunai kusan miliyan 278, wanda kusan miliyan 192 daga ciki teburin gutsattsarin nan 250,000 ne kawai, mafi yawansu na harsunan da ba ruwanka da su. Horar da shi yadda aka saba yana cin kusan bait 16 a kan kowane ma'auni, wato wajen gigabait huɗu da rabi na ƙwaƙwalwar GPU tun kafin a loda rubutu. AfriBERTa babba ma'aunansa miliyan 126 ne, bai kai rabin wancan ba, kuma wannan kaɗai dalili ne na fara gwada shi idan harshenka na cikin goma sha ɗayansa. Sai dai karatunsa ya fi karkata ga labarun jarida, kuma babu Turanci a harsunan da aka horar da shi. In rubutunka yana yawan tsallakawa zuwa Turanci ko Faransanci a tsakiyar jimla, AfroXLMR ya fi dacewa.

Ribar wannan hanya ita ce samfurin yana koyon abin da kai ka damu da shi. Zai iya gano cewa "bai" a farko da "ba" a ƙarshe suna juya hukunci, ko cewa wata kalma a fagenka tana nufin wani abu dabam. Idan misalai sun kai dubbai, a mafi yawan lokuta ita ke kan gaba, kuma manyan gwaje-gwajen harsunan Afirka, irin NaijaSenti na 2022 da MasakhaNEWS na 2023 mai harsuna 16, samfuran da aka sake horarwa ne ginshiƙinsu.

Amma da misalai 840 akwai tarkuna biyu. Na farko yawan zagaye. Shawarar da ke yawo ita ce a zagaya misalan sau uku, kuma daga manyan tarin bayanai aka gado ta. Mu lissafa namu: 840 a raba ƙunshi-ƙunshi na 16, taku 53 ke nan a zagaye ɗaya, 159 a zagaye uku. Samfurin bai ko gama miƙewa ba. Zagaye goma, taku 530, ya fi kusa da daidai, da saurin koyo `2e-5`, a fara a hankali a kashi goma na farko na takun, a riƙa gwadawa da misalan nan 120 bayan kowane zagaye, a ajiye wanda ya fi.

Tarko na biyu ya fi muni, domin shiru yake yi. Wani lokaci horon yakan rushe, samfurin ya koma kiran komai da sunan rukuni mafi yawa. Manyan samfura masu hawa 24 sun fi faɗawa wannan idan misalai kaɗan ne. Ga yadda za ka gane shi a aikinmu. Lambar asara, wadda ke auna girman kuskuren samfurin yayin horo, takan fara kusa da 1.61, wato `ln(5)`. Idan ta sauko wajen 1.37 ta tsaya tana lilo a nan, samfurin bai koyi komai daga rubutun ba, rabon rukunan kawai ya haddace. A jarrabawa zai ce komai siyasa ne, ya ci 108 cikin 240, kashi 45 cikin ɗari, lambar da mai gaggawa zai iya ɗauka a matsayin somin-taɓi. Ma'aunin `macro-F1`, wanda ke ba kowane rukuni nauyi ɗaya, shi zai tona asiri: 0.62 a siyasa, sifili a sauran huɗun, matsakaici 0.12. Ana magance shi da rage saurin koyo, ko tsawaita farawar a hankali, ko canza lambar `seed`, wadda ke tsara zaɓin da ake yi a kan sa'a yayin horo. Kuma ko bai rushe ba, canza `seed` kaɗai na iya motsa makin da 'yan ɗigo, don haka a horar sau biyar a faɗi matsakaici da tazarar da ke tsakani. Sakamakon gudu ɗaya ba hujja ba ce.

Yadda za a kwatanta su ba tare da yaudarar kai ba

Misalai 240 ma'auni ne mai rawa. Idan samfuri ya ci kashi 85, kuskuren awon shi ne `sqrt(0.85*0.15/240)`, kusan 0.023, wato ɗigo 2.3; in aka ninka shi kusan sau biyu don samun tabbaci, gaskiyar tana iya kasancewa ɗigo huɗu da rabi sama ko ƙasa. Saboda haka in daskararre ya ci 84, wanda aka sake horarwa ya ci 86, ba ka da dalilin cewa ɗaya ya fi. Rukunin fasaha kuwa labarai 12 ne a jarrabawar, kuskure ɗaya yana zabtare masa fiye da ɗigo takwas. Abin da ya fi amfani shi ne a jera labaran da samfuran biyu suka saɓa a kai, a karanta su ɗaya bayan ɗaya, a ga wane irin kuskure kowanne ke yi da kuma wanda aikinka zai iya jurewa.

Kafin duka biyun ma, ka kafa ma'aunin ƙasa: `TfidfVectorizer(analyzer="char_wb", ngram_range=(2, 5))` da `LogisticRegression` a kansa. Ba ya buƙatar wani samfuri da aka riga aka horar, jerin haruffa biyu zuwa biyar kawai yake ƙidayawa, don haka bai damu ko an taɓa ganin harshenka ba. A rarrabe batun labarai yana da wuyar kayarwa, domin ƙwallo da gwamna da allurar rigakafi suna faɗin rukuninsu da kansu. Samfurin miliyoyin ma'aunai da bai wuce shi da tazara mai kauri ba bai cancanci nauyinsa ba.

To a aikinmu na labarai 1,200, wanne zan ɗauka? Daskararre, da farko. Batun magana ake rarrabewa, misalan ba su da yawa, rukuni ɗaya yana fama da ƙaranci, kuma saurinsa zai ba ni damar tsabtace laƙaban. Bayan an tsabtace, zan zana yadda maki ke hawa da misalai 200, 400, 600 da 840 a hanyoyin biyu. In layin daskararre ya kwanta, na sake horarwa kuma yana ta hawa, wannan alama ce cewa ƙarin misalai dubu ɗaya ko biyu zai sa sauya hanya ya biya. Da a ce waɗannan 1,200 saƙonni ne da ake son gane yabo da kushe a cikinsu, da AfroXLMR ko AfriBERTa zan fara, in ɗauki wahalar gudu biyar, domin abin da nake nema sai an koya wa samfurin.

Lissafin yana canzawa idan harshen ba ya cikin jerin kowanne daga waɗannan. A nan daskararren samfuri ne ya fi rauni, tun da ba shi da hanyar gyara abin da bai sani ba, yana kama sunayen mutane da kalmomin aro ne kawai. Ma'aunin ƙasa na jerin haruffa na iya zama gwarzon ranar, kuma babu abin kunya a tura shi aiki. Idan ana son wuce shi, a duba samfuran da suka faɗaɗa, irin SERENGETI mai harsuna da karuruwan Afirka 517 ko Glot500, a auna mayankinsu da hanyar ƙidayar gutsattsarin nan ta sama. In babu wanda ya gamsar, a tattara duk rubutun harshen da za a iya samu, ko da babu laƙabi, a ci gaba da horar da AfroXLMR a kansa da wasan cike gurbi, daga baya a kawo misalai masu laƙabi. A cire labaran jarrabawa 240 daga wannan tarin tun kafin a fara, har da kwafinsu da wasu kafofi suka sake bugawa da ɗan canjin kanu.